Ba'ana da Jan Ruwa

Rumfata ta wankin hula a unguwar Gwange tana jingine da teburin shayin Ba'ana, saboda haka duk shirmen da zan ba ku labarinsa a gabana aka yi shi. Sunana Habib, kuma na sha shayin mutumin nan tun gemuna yana baƙi.

Ba'ana dogon Babarbare ne mai siririyar wuya. Da tallan turaren wuta ya fara, ya yi yaron mota a hanyar Gamboru, daga baya ya gano cewa abin da ya fi iyawa a duniya shi ne ɗaga kofi sama ya tsiyayo shayi cikin wani kofin ba tare da ɗigo ya faɗi ƙasa ba. Nan ya tsaya. Gaskiya hannunsa da daɗi. Matsalarsa ɗaya, ya ɗauki kansa likita, kuma duk likitancinsa a kan kala ya tsaya. Baƙin abin sha na maza ne, yana sa ƙarfi. Kore ganye ne, ganye kuwa magani ne. Fari yana sanyaya jiki. Ja kuma jini ne tsagwaronsa, ka sha ya ƙaru a jikinka. Saboda wannan karatu nasa ya yi hannun riga da zoɓo tun yana saurayi. Ko a gidan biki aka miƙo masa, sai ya ja da baya kamar an miƙo masa kunama.

Da rikici ya yi tsanani aka sa dokar hana fita, kasuwar Ba'ana ta mutu, don mai shayi da yamma yake cin kasuwa. Amma hannunsa bai san da doka ba. Kullum sai ya cika tukunya kamar da, ya zuba ganye kamar da. Kafin magariba kowa ya tsere gida, a bar shi da rabin tukunya. Zubarwa kuma a wurinsa almubazzaranci ne. Sai ya juye a babban fulas ya kai gida, ya zauna ya yi ta kurɓa har ya ga ƙarshensa, da goro a kumatu.

Barci ya ƙaurace masa. Kullum da safe zai fito ido jawur, ya ce ƙarar bindiga ce ta hana shi runtsawa. To, ita ma tana hanawa, dukanmu mun sani. Amma har ranar da gari ya kwana shiru, ko kare bai yi haushi ba, Ba'ana ya fito yana cewa shirun ne ya yi yawa.

A shekarun nan ne yanar ido ta rufe masa gani. Da fari ya ɓoye, har ranar da ya ɗaga kofi sama kamar yadda ya saba ya tsiyaye shayin a cikin wata hula da na wanke na ajiye a gefe, ta wani ɗan gora, cikin 'yan sa-kan da ke tsaron unguwa. Dariya muka yi, amma ni na ji tausayinsa. Ya daina gane fuska sai murya. Matarsa, Ya Falmata, ita ke rako shi da safe, ta dawo ta ɗauke shi da yamma.

Sai aka ji labarin likitocin ido sun zo wani asibiti a Wulari, suna cire yana. Ni na raka shi a keken haya mai ƙafa uku. Kafin mu tafi ya ce aikin ido sai da ƙarfin zuciya, ya dama baƙin kofi mai kauri ya shanye, ya ƙara wani, ya bi da goro.

Wadda ke awon jini wata nas ce, Sista Rebeka, 'yar Biu, gajera mai faɗa. Ta ɗaura masa abin awo a dantse, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurawa a ɗaya hannun.

“Baba, da ƙafarka ka zo nan?”

“A keke dai, 'yata.”

“Me ka sha yau?”

“Ba komai. Kofi ne kawai, biyu.”

“Jiya da dare fa?”

“Ragowar tukunya.”

Ta juyo ta dube ni kamar ni na dafa. Ta ce ba likitan da zai taɓa idonsa jininsa yana can sama. Ta ba shi ƙwayoyi, ta ce ya rage gishiri da dunƙulen miya, likitocin za su dawo bayan ƙaramar salla, in jinin ya sauka a yi masa, in bai sauka ba ya ci gaba da lalube. Sannan ta yi mana bayani a hankali. Ta ce a cikin kofi da ganyen shayi da goro akwai wani sinadari guda, shi ke korar barci, yana kuma ɗaga jini na ɗan lokaci bayan an sha. Ba ya barin jiki da wuri, wanda ka sha da la'asar yana nan tare da kai a kan katifa. Rashin barcin kuma shi ma yana hana jini sauka. Ta ce ya riƙa shan kofi ɗaya na shayi marar kauri da safe, daga azahar ya rufe. Kada ya yanke gaba ɗaya rana guda, ciwon kai zai kama shi, ya riƙa ragewa.

“To da yamma me zan sha, Sista? Iska?”

“Citta, na'a-na'a, kanumfari, duk ba sa hana barci. Ka dafa zoɓo ma ka sha da zafinsa, ba sukari sosai. Yana ɗan taimakawa wajen sauke jini.”

Ba'ana ya miƙe tsaye. A keke, har muka iso Gwange yana faɗa.

“Ka ji yarinyar nan, Habib? Jini ya yi mini yawa, ta ce in ƙara ja a kai!”

Ƙwayoyin dai ya sha, don farare ne. Sauran kuma ya ce shi zai tsara wa kansa. Ya sayo koren shayi, irin wanda ake dafawa a ƙaramar buta har ya yi ɗaci, ya ce ganye ne, magani ne. Ya yi ta sha bayan isha'i. Barci ya ce bai san zance ba, don koren da baƙin duk itace ɗaya ne, sarrafawa ce ta bambanta su. Da wannan ta ƙi, ya koma kofi, amma ya cika shi da madara har ya yi fari tas, wai farin ya kashe baƙin. Madara ba ta kashe komai ba, ta dai ƙara masa tumbi. Na yi masa magana, ya ce in tsaya a kan hula.

Da aka koma awo, jinin ya ɗan sauka saboda ƙwaya, amma bai kai inda ake so ba. A ranar, Ya Falmata ce ta raka shi. Ita mace ce marar yawan magana, tana saƙar hula a gida, ni nake wanke mata. Ta bar shi a benci ta koma wurin Sista Rebeka ta tambaya ko zoɓon zai yi faɗa da ƙwayar. Sista ta duba irin ƙwayar ta ce ba laifi, kofi ɗaya da safe ɗaya da yamma, kada dai a bar ƙwayar don shi, kuma kada a ba shi dab da kwanciya, fitsari zai yi ta tashinsa. In ya ji jiri a dawo a faɗa mata.

Washegari da la'asar sai ga ta da fulas da wani baƙin kofin ƙarfe.

“Wushe, Malam Habib,” ta gaishe ni da yaren Barebari, ta ɗan harare ni, irin hararar da ke cewa ka kama bakinka. Ta juya wurin mijinta. “Ga wani ganye da 'yar'uwata ta aiko daga Chadi. Manyan attajirai ke shansa.”

Ta tsiyaya. Ni da nake da ido na ga abu ja wur kamar an yanka rago. Ta dai cika shi da citta da kanumfari da na'a-na'a har ƙamshinsu ya danne komai. Ba'ana ya kai kofin dab da hancinsa ya ƙura masa ido.

“Wace kala ce, Habib?”

Na dubi Ya Falmata. Na ce, “Ya yi duhu sosai.”

“Baƙi ke nan. Na maza.” Ya kurɓa, ya yamutsa fuska don tsami, ya sake kurɓa. “Ai na san shi! Na sha shi a Gamboru ina yaron mota. Sai mai kuɗi.”

Shi zoɓon da ya sani mai sanyi ne a leda, zaƙi kamar alewa, shi ma rabonsa da shi tun ba a haifi Sista ba.

Ragowar tukunya kuwa, Ya Falmata ta kashe maganar cikin sauƙi: ta ɓoye babbar tukunyar ta ce ta huje, ta ba shi ƙarama. Kwanakin farko ya yi ta ciwon kai da masifa, har da ni da ban ci ba ban sha ba. Ta riƙa ba shi shayi marar kauri da safe, goro ɓari ɗaya kafin azahar. A hankali abin ya lafa. Wata rana ya makara bai fito ba sai da hantsi, ya ce wai ashe har mafarki ake yi. Daga nan ya shiga yi wa masu sayen shayi wa'azin ganyen Chadi, yana cewa ku dubi baƙinsa. Unguwa kaf ta san zoɓo ne. Babu wanda ya tona, har ɗan goran da aka ɓata wa hula.

Bayan salla likitoci suka dawo. Sista Rebeka ta auna, ta ce Alhamdu lillahi, ita da take Kirista. Aka yi masa idon dama, aka ce na hagu sai wani zuwan, in jinin ya zauna yadda yake.

Ranar da aka cire bandeji muka dawo gida, ya zauna a tabarma yana kallon komai kamar baƙo. Ya dube ni ya ce ashe na tsufa haka. Ya Falmata ta yi ta kai da kawowa a madafa, ta ƙi fitowa. Da lokacin sha ya yi, dole ta fito da fulas, ta durƙusa ta tsiyaya a hasken rana.

Ba'ana ya leƙa kofin. Ya rufe sabon idon ya duba da tsohon, ya buɗe ya sake dubawa.

“Falmata, wannan ai ja ne.”

“Ja ne.”

“Tun yaushe ya zama ja?”

“Tun ranar farko.”

Na gyara zama don in ji daɗin gudu. Ya buɗe baki zai fara, sai idonsa ya sauka a kan hannunta da ke riƙe da fulas, bakin faratanta duk sun rine da jan zoɓo. Ya ɗaga kai ya dubi fuskarta, wadda ya yi shekaru bai gani ba sai inuwa. Furfura ta leƙo ta gefen ɗankwalinta. Ya daɗe yana kallonta, ita kuma ta sunkuyar da kai kamar amarya. Wallahi sai da na ji ƙwalla.

Ya ɗauki kofin ya shanye tas, ya miƙa mata.

“Gobe ma ki dafa,” ya ce. “Saura ido ɗaya, ban gama ganinki ba.”