Awar Babban Akawu Minti Ɗari Ce

Yaya Hajo, yau Allah ya saka mana!

Da safe na ji ƙas, fensirin Malam ya karye. Kin san shi ke biyan leburori a gidan gurzar auduga, kuma makonni ke nan mutanen Ketare na jifar ƙofarmu, wai yana yanke masu kuɗi. Yau ɗin ma aka shirya korar shi.

Ya ce, "Binta, rabin awa biyu nawa ne?"

Na ce, "Awa guda mana."

Ya ce, "A takardar biyan nan bai kai ba."

Ashe babban akawu, mai haɗa jimlar mako, sai mintoci sun cika ɗari yake mai da su awa, ba sittin ba. Duk awar da ya haɗa ta cinye minti arba'in na talaka. Kuma shi ya kira Malam ɓarawo gaban jama'a.

Malam ya ce zai gaya mashi a keɓe. Ni da ko kaza ake yankawa sai na kau da kai, na ce, "Wallahi inda ya tozarta ka, nan za ka lissafa."

A bakin sikeli ya lissafa, gaban manaja da leburori. Aka ce a biya su ciko, babban akawu ya ajiye makullai.

Ɗazu ɗiyata Ladi ta ce, "Inna, kin hana mu dariyar wanda ya faɗi, amma tun azahar haƙoranki na waje."