Alalen Ranar Alhamis

'Yata tana da shekara huɗu muka sa ta makarantar nazare a Tunga. Tun tana rarrafe muka san gyaɗa ba ta karɓe ta ba. Ko lasa ta yi sai leɓe ya kumbura, jiki ya yi ruɗu-ruɗu, numfashi ya riƙa fita da ƙyar. Likita ya ce babu maganin da zai raba ta da shi, a dai kiyaye.

Ni ban yi boko mai nisa ba, a ka nake riƙe tsarin abin da nake zuba mata a kular abinci. Litinin shinkafa da wake da manja. Talata doya, ita ma da manja nake soyawa, don na daina sayen man gyaɗa. Yajin kasuwa ba ya shiga gidana, akwai ƙuli-ƙuli a ciki. Alhamis alale, shi ta fi so. Kullum a bakin ƙofa sai na ce, "Kar ki karɓi na kowa." Ta ce, "Mama, na sani."

Wata Alhamis aka aiko daga makaranta, an wuce da ita asibiti. Na tarar an yi mata allura, fuskar ta fara saɓewa. Malamarsu ta rantse alalen kawai ta ci, a gabanta.

Babanta bai yarda ba. "Yara ne, wani ya miƙa mata. Ta zauna a gida kawai."

"Maigida, a ba ni 'yan kwanaki."

Na bi alalen ɗaya bayan ɗaya a raina: wake, tattasai, albasa, manja, kifi. Ban ga komai ba.

Sai na jiƙa wake na tafi injin markaɗe na layinmu a Barkin Sale. Da can ajiye bokiti nake yi in wuce sayen kifi. Ran nan na tsaya. A gabana wata Banufiya ce mai ƙuli-ƙuli, da daro cike da soyayyar gyaɗa. Aka markaɗa mata. Mai injin ya watsa ruwa kofi guda, ya miƙo hannu zai ɗauki bokitina.

Na riƙe.

"Madam, na wanke ai."

Na sa yatsa a bakin injin, na fito da shi da tunkuza.

Banufiyar ta yi dariya. "Kyauta muke ƙara miki mai, kina fushi?"

Na ɗauki bokitina na fita. A gida na nuna wa babanta yatsan, ban wanke ba. Ya daɗe yana kallo.

Na aika wa innata ta ba ni dutsen niƙanta. Kafin in gama da wake bayana ya ƙage, kuma alalen ba ya laushi kamar na inji. Litinin yarinya ta koma makaranta. Alhamis da ta dawo na buɗe kular, ta cinye, sai dai ta ce, "Mama, yau alalenki da ƙuraje."