Cokalin Ƙarfe da Ƙanƙarar Mama Damaris

Mama Damaris ta yi shekara goma sha huɗu a sashen rini na wata masaƙa, kullum tana gaban tukwanen ruwan zafi tana duba ma'aunin zafi. Da aka rufe masaƙar sai ta kafa rumfa a Gonin Gora, bakin titin Abuja, tana sayar wa direbobi shinkafa da miya da zoɓo mai sanyi. Ƙanƙarar da take sanyaya zoɓon a cikin akwatin katako take ajiye ta, a lulluɓe da buhu.

'Yarta Vicky, mai shekara goma sha ɗaya, ita ke wanke-wanke idan an yi hutu. Ta lura cewa duk safiya cokalin ƙarfe sanyi ƙalau yake a hannu, na katako kuwa ba haka ba. Ran da Mama ta tafi kasuwa sayen kayan miya, sai Vicky ta kwashe ƙanƙarar daga akwatin ta zuba a babbar tasar ƙarfe. A ganinta abu mai sanyi ya fi dacewa da ita.

Kafin azahar tasar ta cika da ruwa. Direbobi biyu suka taɓa gorar zoɓo, suka ajiye, suka wuce rumfar gaba.

Da Mama ta dawo ba ta yi faɗa ba. Ta saurari dalilin Vicky, sannan ta ɗauko cokula biyun.

"A ina suka kwana?"

"A kwando ɗaya, Mama."

"To zafinsu ɗaya. Riƙe na ƙarfen, kada ki saki."

Vicky ta damƙe shi. Jim kaɗan ta ce, "Ya yi ɗumi."

"Ɗumin hannunki ne. Jikinki ya fi cokulan nan zafi. Ƙarfe na saurin janye zafi daga fatarki ya wuce da shi gaba, shi ne kike jin sanyi. Katako kuwa zafi ba ya ratsa shi da sauri, sai ya tsaya inda kika taɓa."

Ta tsamo ragowar ƙanƙara biyu daga tasar, ta ɗora ɗaya a kan kowane cokali. Ta kan ƙarfen ta fara ɗiga nan da nan.

"Haka tasar ta yi ta kwaso zafin gari tana kai wa ƙanƙararmu," in ji Mama. "Shi ya sa kuma da katako nake juya miya. In na bar na ƙarfe a tukunya, hannuna zai sha ƙuna."

Kunya ta kama Vicky. Ta ce, "Yi haƙuri, Mama."

"Kin yi tunani, gwaji ne kawai ba ki yi ba. Jeki wurin Baba Tanko mai sayar da ƙanƙara ki karɓo mana wata."

Ta tafi da gudu. Da yamma motocin Abuja suka fara tsayawa, kafin ƙarfe biyar zoɓon ya ƙare.