Anti Mai Salun da Shagon Tsallaken Titi

Anti Mai Salun ba gadon shago ta yi ba. A barandar gidan haya ta fara, da kujera 'yar tsugunno da kibiya ɗaya da kwalbar man kitso, tana yi wa 'ya'yan maƙwabta. Sai da yatsunta suka yi kanta kafin ta kama shago a bakin titi, tsakanin tela da mai sayar da magani. Madubai biyu ne a ciki, da draya mai hula ta busar da gashi, da wurin wanke kai wanda famfonsa ke ɗiga har gobe.

Abin da ya fito da ita shi ne kitsonta ba ya cin goshi. Ta san yadda ake kama ƙananan gashin gaba ba tare da an ja su ba, kitso ya zauna daram, mai shi kuma ta yi barci ba ciwon kai. Wannan ne ya kawo mata Sista, babbar nas a asibitin da ke bayan layi, wadda masu jan kitso suka cinye wa goshi har ta daina cire ɗankwali a gaban mutane. A hannun Anti gashin ya dawo. Sista kuwa ba ta da rowar baki, ta kwaso matan asibiti kaf ta kawo. Su ne ƙashin bayan shagon, inda Sista ta sa kai nan suke sawa.

Sai ga Doguwa. Ranar da aka kawo ta koyon sana'a ko tsifa ba ta iya ba, sai ta tsinke rabin gashi. Anti ta zaunar da ita ta koya mata komai: tsaga, kamun goshi, yadda ake shafa man kariya a fatar kai kafin a sa rilaksa mai miƙar da gashi, da lokacin da za a wanke tun bai ƙona ba. Ba ta ɓoye mata ko ƙwayar zarra ba. Da ciwon baya ya matsa wa Anti, sai ta koma kujerar bakin ƙofa tana gaisawa da mutane, Doguwa na kan kawuna. Mai son zuwa Doguwa take kira a waya, hoton kitso ma a wayar Doguwa ake ɗauka. Anti na jin daɗi, wai ta samu hutu.

Hutun ke nan! Wata safiya Doguwa ta durƙusa har ƙasa ta ce tana neman albarka, za ta buɗe nata. Anti ta sa albarka, har da kyautar mataji da tawul. Ba ta tambayi ko a ina ba. Sai ganin masu fenti ta yi a tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa.

“Kun yi rubutu cewa ba za ta buɗe kusa da ke ba?” in ji maigidan Anti, yana ɗaure igiyar takalmi.

“Rubutun me? Yarinyar da ke ce min Mama?”

“To ai ga shi nan, 'ya ta zauna kusa da uwarta.”

Don haushi ranar ko a dawo lafiya ba ta yi masa ba.

Kafin wata ya ƙare kujerun Anti sun fara shan iska. Tana zaune za ta ga matar da ta yi wa kitso tun tana budurwa ta sauka daga mota, ta kau da kai kamar mai neman wani abu a jaka, ta shige wancan shagon. Abin ya ci mata rai ƙwarai, amma ba ta zauna kuka ba. Ta sayi layin waya na shago, ta sa aka rubuta lambar a jikin ƙofa. Ta bi kwastomominta ɗaya bayan ɗaya da gaisuwa, wannan ya jikin Mama, waccan ya jarrabawar yara. Ta ce duk wadda ta yi kitso, wankin kai kyauta ne. Ta ɗaure bayanta da zani ta koma kan kawuna da kanta. Ba ta taɓa zagin Doguwa a gaban kowa ba, ko da yake a gida, bango ma ya ji. Dabarar ta ci kuwa, wasu suka dawo suna sunkuyar da kai, matan asibiti kuma ba wadda ta motsa tunda Sista ba ta motsa ba.

Da a nan ta tsaya, da an zauna lafiya. Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Anti ta rantse ba za ta ƙara koya wa kowa kamun goshi ba. Akwai Maman Tagwaye, mace mai hankali da ta daɗe a shagon tana wanke kai da tsifa da busarwa, tana ta roƙo a nuna mata. Anti ta ce, “Wanki ma sana'a ne.” In ta zo kan goshi har juya baya take yi ta tare madubi. Ko wayar shagon ba ta yarda matar ta ɗaga.

Kun ga ke nan hannu biyu ne ke kitsa duk kan da ya shigo, su ma na mai ciwon baya. Layi ya yi tsawo. Mata su zo da hantsi, azahar ta same su a benci da kai a tsefe, suna hangen shagon Doguwa inda 'yan mata uku ke aiki, fanka na juyawa. Maigidan ya ce ta saki hannu ta koyar. Ta ce shi da bai san tsaga ba ya bar ta da abin da ya dame ta.

Ran wata Asabar Sista ta shigo a gaggauce, tana da aikin yamma. Maman Tagwaye ta tsefe ta, ta wanke, ta busar, ta taje gashin ya kwanta luf. Anti kuwa tana tsakiyar ƙananan kitso a kan wata, ga wasu biyu a benci da suka riga zuwa, ɗaya har ta fara tsaki.

“Anti, lokaci fa,” in ji Sista.

“Yanzun nan, Sista, saura kaɗan.”

Ina kaɗan! Ko rabi ba ta kai ba, bayanta kuma kamar ana soka mata allura. Sista ta duba agogo, ta sake dubawa, ta jawo jakarta kan cinya. Anti ta san in wannan kan ya fita, na asibiti duka sun fita. Ta haɗiye rantsuwarta da ƙyar.

“Maman Tagwaye, ɗauki kibiya ki fara mata. Ki bi goshin a hankali.”

Matar ta tsaya da tawul a hannu. Ba da gatse ta yi maganar ba.

“Anti, ai ba ki nuna min ba. Ina tsoron in ja mata.”

Sista ta shafa goshinta, ta miƙe, ta ɗaura ɗankwali.

“Ba komai, Anti. Bari in leƙa wajen 'yarki, ai hannunki ne.”

Anti na riƙe da silin gashin wata, ba halin saki, ta bi ta da ido ta cikin madubi har ta tsallaka titi da kai wankakke, busasshe, tajajje. Doguwa ta fito da gudu ta karɓi jakar.

Ɗaya daga cikin na benci ta gyara zama ta ce, “Anti, in da saura da yawa, ni ma in je in dawo.”