Kuɗin da suka shigo wayar Alkassoum

Alkassoum Ba'adare ne. Aikin ma'adini ya kawo shi Arlit, ciwon baya ya fitar da shi, ya buɗe shago inda bas ke sauke ma'aikata. Taliya da madarar Aljeriya yake sayarwa. Gindin shagon nake suyar ƙosai, na san shi sarai: mutumin da in ya rage maka sukari a awo sai ya bi ka gida da cikon.

Zayyadu ɗan ƙanwarsa ne, shekara sha shida, an aiko shi daga Tawa ya koyi ciniki. Shi ke tura wa direbobin Assamakka, bakin iyakar Aljeriya, kuɗin kaya ta wayar kawun, don haka ya san kod, wato lambar sirri.

Wasu asara ke tona musu asirin caca. Wannan ci ne ya tona shi. Wata la'asar, yaron ya tafi tasha, wayar ta yi ƙara: jikka tamanin, wato sefa dubu tamanin, sun shigo daga kamfanin caca.

Da ya dawo, Alkassoum ya zaunar da shi kan buhun shinkafa, ya ce ya koya masa abin tun daga tushe. Yaron ya bayyana cewa ba sa karɓar wanda bai kai sha takwas ba, shi ya sa ya ɗauki hoton katin ɗan ƙasar kawun ya buɗe kont, wato asusun caca, da sunansa. Yakan zuba jikka ɗaya daga kuɗin wayar, ya share saƙon, ya jera wasannin ƙwallo a kupon guda, wato tikitin caca. Kowane wasa da kot ɗinsa, wato yawan ribar da zai kawo, ana ninka su. Guda ya kuskure, duka sun tafi. In an ci kuma, lambar da ta zuba kaɗai ake biya. Ya nemi a fitar da kuɗin, saƙon ya shigo yana tasha, bai samu share shi ba.

Har da ɗaga kafaɗa wai riba ya kawo. Na ce rufe mana baki, mai hanci kamar murfin buta.

Alkassoum ya tambaya ko wannan ne cin farko. Yaron ya ce akwai ƙanana a baya, ya bar su cikin wayar don cike gurbi. Nan fuskar mutumin ta sauya, don da wannan wayar ya biya madarar da ke kan kantarsa, kuɗin caca sun gauraya da halalinsa ke nan.

"Kawu, kar ka maida ni Tawa. Inna za ta ji."

"Can wa zai sa maka ido?"

Ya sa yaron ya haɗa duk abin da aka taɓa ci, ƙanana da babba. Bayan ya tambayi malam, aka ce kar ya ci ko dala sai dai a yi wa jama'a aiki, ya biya masu amalanke da kuɗin kaf suka kwashe jujin unguwa. Ya sa aka rufe kont ɗin, ya sauya kod.

Zayyadu yana nan shagon, awon sukari yake yi. Ko ka je yanzu za ka tarar da shi.