Takardar Anti Farida

Shekara ashirin da biyu Malama Indo ta yi tana aiki a ƙaramin asibitin Ɗandamisa. Ba likita ba ce, jami'ar lafiya ce da ta yi makarantarta a Makarfi, amma a ƙauyukan nan duk wanda ya dawo daga babban asibiti da takardar Turanci, wurinta yake kaiwa ta karanta masa. Mace ce doguwa mai ƙarancin dariya. Tana da tabarau da ta ɗaure ƙafarsa ɗaya da zare, kuma in ta sa shi ta duƙufa kan takarda, ba mai tari a ɗakin sai ta ɗago.

Ita ta fara lura da matsalar Nabil, ɗan Hamisu mai rake da matarsa Zulai. Yaron yana da shekara uku, jikinsa kullum cikin ƙuraje da ƙaiƙayi. Sau biyu ana kawo shi leɓɓansa a kumbure, kuma duk biyun da ta bi diddigi sai ta tarar kunun gyaɗa ya sha. Ta ce wa Hamisu tana zaton borin jini ne, wato akwai abincin da jikin yaron ba ya karɓa, ta rubuta musu takarda zuwa Zariya. Har ta gargaɗe su da su tsayar da maganin ƙaiƙayi kwanaki kafin ranar gwajin, don yana ɓoye sakamako.

Suka je suka dawo. Malama Indo ta jira su kawo takarda, shiru. Mako ya zagayo, ba su zo ba.

A bakin mata masu zuwa awo ta ji dalili. Wai a asibitin can akwai wata ma'aikaciyar jinya, Farida, 'yar Kudan, wadda ta fassara musu sakamakon da Hausa, ta buga da inji, ta rubuta lambar wayarta a ƙasa. Wai ta zaunar da su kusan awa guda tana yi musu bayani. Zulai ta bi gida-gida tana nuna takardar, komai sai ta ce Anti Farida ta ce. Wata mata ma, tana kwance Malama Indo na auna cikinta, ta ce ai yanzu an huta, takarda da harshenka take zuwa, ba sai ka nemi mai karanta maka ba.

Malama Indo ta ce haka ne, ta ci gaba da awonta. Amma ranar ko abincin rana ba ta iya ci ba. Ita ta gano ciwon, ita ta tura su, ga shi ko sunanta ba a ambata.

Sai a mako na uku Zulai ta zo yi wa jaririyarta rigakafi, Nabil na riƙe da zaninta. Yaron ya rame, wuyansa ya yi tsawo. Bayan sun gaisa, an tambayi gida da yara da mai gida, Malama Indo ta ce, kamar ba ta damu ba, ko takardar nan tana kusa. Zulai ta ciro ta daga leda, da ta Turancin a manne a baya.

Kuskure Malama Indo ta shiga nema. Ta bi layi-layi tana haɗa Hausar da Turancin. Gwajin fata aka yi, wanda ake ɗiga ruwan kowane abinci a hannu a ɗan tsaga wurin, a jira minti goma sha biyar a auna kumburin. Gyaɗa ta tashi milimita tara, ƙwai shida, waken suya uku, madara ba ta tashi ba. Likita ya rubuta a daina ba shi gyaɗa da ƙwai, amma waken suya a ci gaba, tunda yana cin awara ba ta taɓa yi masa komai ba. Duk haka Farida ta fassara, ba ragi ba ƙari. Har wasu ɗigo biyu da ba na abinci ba, duk ta bayyana su, ɗaya dole ya kumbura, ɗaya dole ya ƙi, don a san gwajin ya yi daidai. Hausar tana da kyau, kuma wannan ya fi komai ci wa Malama Indo rai.

Ta tambayi Zulai me yaron ke ci. Zulai ta ce tuwo da miyar kuka da kunun kanwa kawai. Baban ya sake duba takardar a gida, ya ga sunan waken suya da na madara a jerin, tsoro ya kama shi, ya hana awara da nono, har da wake gaba ɗaya.

"To ita Antin taku haka ta ce muku?"

"A'a, Malama. Mu ne dai muka ga kamar hakan ya fi."

Malama Indo ta nuna mata da yatsa cewa jerin sama na abin da aka gwada ne, na ƙasa shi ne na abin da aka hana. Ta ce a mayar masa da nono da awara da wake tun yau, in ba so suke yunwa ta kayar da shi ba. Ta ƙara da cewa bayanin awa guda da bai shiga kai ba, ba ta ga amfaninsa ba. Zulai ta yi godiya, ta ce ai Anti Farida ma za ta biyo ranar Asabar in za ta gida Kudan, ta yi alkawarin duba yaron.

Bayan Zulai ta tafi ne abin ya faɗo wa Malama Indo a rai. A ƙarƙashin gyaɗa Farida ta jera ƙuliƙuli da man gyaɗa da kunun gyaɗa da miyar taushe. Ba ta sa yajin tsire ba, wanda da garin ƙuli ake haɗa shi. Babu dakuwa, babu kwaɗon zogale, babu kilishi. Ba ta faɗi cewa ƙosan maƙwabta da awarar da ake saya a waje galibi da man gyaɗar gida ake soya su ba.

Wani daɗi ya ratsa ta. Ta samu abin da yarinyar ta manta. Ranar Talata ce, kuma gidan Hamisu tafiyar minti goma ne daga asibitin. Ta ɗauki mayafinta, ta sake ajiyewa. Ta ce a ranta kwana huɗu ba wani abu ba ne, ran Asabar sai ta je ta faɗa a gaban Farida, a gaban Hamisu da Zulai, kowa ya ji.

Ran Alhamis bayan la'asar Hamisu ya shigo asibitin a kan babur, Zulai a baya rungume da Nabil. Fuskar yaron ta kumbura har idanunsa sun rufe, numfashinsa na fita da ƙara kamar sarewa. Ƙanen Hamisu ne, Bilya, ya zo da tsarabar tsire daga Makarfi, aka ba yaron yanka biyu. Nama ne, in ji Hamisu, kuma babu nama a takarda.

Malama Indo ba ta tsaya magana ba. Ta zuƙi allurar adirenalin daidai nauyinsa ta soka masa a cinya, ta sa uwar ta riƙe shi a zaune don ya samu numfashi, idonta na kan agogo. Bayan minti biyar ƙarar ta fara raguwa. Ta sa aka nemo mota, ta raka su babban asibiti a Makarfi, don abin kan iya dawowa bayan 'yan awoyi. Can yaron ya kwana. A hanya Zulai sai addu'a take zuba mata, tana cewa ba don Malama ba da sun rasa shi. Malama Indo ta juya fuska tana kallon gonakin rake.

Ran Asabar ta je gidan. Farida ta riga ta isa, 'yar siririya cikin hijabi ruwan toka, ba za ta wuce ashirin da shida ba. Tana ganinta ta tashi daga tabarma ta durƙusa har ƙasa.

"Mama, ina wuni. Ke ce kika rubuto takardar turo su ko? Likita ya ce wanda ya rubuta ta ya san aikinsa."

Malama Indo ta amsa a taƙaice ta zauna. Ta so a ce yarinyar tana da girman kai, da abin ya zo mata da sauƙi.

Hamisu ya tambaya, tunda gyaɗa tara ce ƙwai shida, ko ƙwai da sauƙi, a riƙa ba shi kaɗan. Farida ta ce a'a. Girman kumburin yana nuna yadda ake kyautata zaton abincin ne ke tayar masa da ciwo, ba ya nuna yadda ciwon zai yi tsanani in ya tashi. Ta ce yara da yawa kan rabu da na ƙwai in sun girma, na gyaɗa kuwa ya fi zama, amma kada su kuskura su gwada a gida, likita ne zai sake gwaji ya faɗi lokaci. In sun ga kumburin baki ko numfashi ya canza, su rugo asibiti, kada su tsaya neman maganin ƙaiƙayi. Hamisu yana ta gyaɗa kai. Malama Indo ta lura yarinyar ba ta barin magana sai ta sa sun maimaita mata da bakinsu, abin da ita ba ta taɓa yi ba.

Sannan Farida ta juyo, ta ce laifin yajin nata ne, jerin likita ta bi ta ƙara abin da ta tuna. Ta ciro biro ta roƙi Mama ta faɗa mata sauran.

Maganar da Malama Indo ta kwana huɗu tana shiryawa ba ta fito ba. Ta dai fara lissafi, murya ƙasa-ƙasa: yaji, dakuwa, kwaɗo, kilishi, faten da ake sa wa gyaɗa, duk suyar waje sai an tambayi mai. Ta ce Zulai ta riƙa soya masa awara a gida da manja, ta ware masa kwano da ludayi. Ta ce a kula da injin niƙan Iliyasu, don yakan niƙa gyaɗa ya zuba wake a kai bai wanke ba. A ɓangaren ƙwai ta ƙara kek ɗin biki da wainar ƙwai ta mai shayi. Ta ce a gaya wa kakanni da maƙwabta, don su ne masu miƙa wa yaro abu a hannu. Farida ta cika shafi guda.

Bayan mako biyu sabuwar takarda ta iso da jerin a cike. A ƙasa an rubuta sunan likita da na mai fassara, kamar yadda tsarin asibitin yake. Farida ta kira Malama Indo a waya ta yi godiya, ta ce yanzu da jerin take yi wa duk iyayen da suka zo daga karkara bayani. Malama Indo ta ce Allah ya taimaka, ta kashe wayar, ta daɗe zaune.

Nabil ya murmure, ya shiga makaranta, malamansa duk sun san ba a ba shi ƙuli. Malama Indo tana nan a asibitin, saura shekara kaɗan ta yi ritaya. Mutum ɗaya ta taɓa faɗa wa zancen ranar Talatar nan, mijinta Malam Ahmadu. Ya ce ta nemi gafarar Allah, ta kuma gaya wa Zulai. Ta yi na farkon. Na biyun kuwa har yanzu tana cewa sai ta samu lokacin da ya dace.