Addu'ar da ba ta shiga fom ba

Ƙarfe huɗu na yamma za a rufe shafin neman tallafin karatu, ni kuwa ban samu kwamfuta ba sai uku da kwata. Shagon kwamfutar yana bakin titi a Tudun Wada, na wani ɗan Ibo ne da ya daɗe a unguwar har Hausarsa ta fi tawa karin magana. Baba ya rako ni, ya zauna a benci kusa da ni da carbinsa. Ya riga ya faɗa mini gaskiya: in ban samu tallafin nan ba, makarantar ungozoma sai dai in gan ta daga waje.

Fom ɗin yana da akwati ɗaya da aka ce a rubuta dalilin neman karatun, da Turanci, kada ya wuce kalma ɗari biyu da hamsin. Ni da taurin kai na ɗauka faɗa ce kawai, kamar yadda ake cewa biki ƙarfe biyu. Mai shagon ya kwafo rubutuna ya zuba a akwatin, sai lamba ta fito a ƙasa, jawur: ɗari huɗu da goma sha biyu. Wurin da ake dannawa a tura ya ƙi motsi.

"Hajiya ƙarama, wannan ba ya jin lallashi," in ji mai shagon. "Ko kalma ɗaya ta hau, ba zai tafi ba."

Sati biyu na yi ina gyaran rubutun nan, yanzu a ce in zubar da fiye da kalma ɗari da sittin kafin huɗu.

Na fara da gaisuwa. Baba ne ya sa na buɗe da ita, don a wurinsa wasiƙar da ba gaisuwa rashin tarbiyya ce. Na saci kallonsa na goge ta, yana ta jan carbinsa. Godiya ga malamaina ta bi, sai labarin kyautar da na ci a aji biyar. Duk inda na sa siffa biyu na bar ɗaya, jimla mai tsawo na karya ta. Sau biyu ina goge layin da ba shi na nufa ba, mai shagon yana dawo mini da shi.

Muna ɗari biyu da casa'in aka ɗauke wuta. Kafin janareta ya tashi, kwamfuta ta farfaɗo, an ci minti bakwai, shafin kuma ya fitar da ni, sai da na sake shiga. Allah ya taimake ni mai shagon ya sa ina gyaran a wani fayil mai ajiye kansa, don akwatin wayam na tarar da shi. Muka sake zuba rubutun a ciki.

Huɗu saura minti shida lambar ta tsaya a ɗari biyu da hamsin da shida. Na karanta daga sama har ƙasa, babu sauran kitse, duk abin da na taɓa sai jimla ta rushe. Wuri ɗaya ya rage, na kuma san shi tun ɗazu, ina ta kauce masa. A sakin layin da na ba da labarin Inna, mahaifiyata, yadda ta rasu wajen haihuwar ƙanina saboda ba ungozoma a kusa, na bi ambatonta da addu'ar Allah ya jiƙanta. A Turanci kalma shida ce cif. A gidanmu ba a taɓa ambaton Inna an wuce ba a yi mata addu'a ba, ko a tsakiyar faɗa ne.

Baba ya ga na tsaya. "Me ya rage, 'yar nan?"

Na faɗa masa. Na fi tsoron fuskarsa a kan agogon.

"Su masu karantawar ba su za su jiƙanta ba," ya ce. "Goge. Ni zan faɗa."

Na ɗora yatsa na fara gogewa, shi kuma ya ɗaga hannu yana cewa Allah ya jiƙanta, ya yi mata rahama, ya sa ta huta. Mai shagon ya cire hularsa ya ce amin. Lambar ta koma ɗari biyu da hamsin, jan ya ɓace, na danna, saura minti biyu.

Takardar shaida ta fito daga firinta da ɗuminta. Baba ya karɓa, ya ce in nuna masa layin Inna, duk da ba ya karanta Turanci. Na nuna masa. Ya sa yatsa a wurin, ya sake yin addu'ar a hankali.